Me Ya Sa Muryar Gida Ke Isowa a Makare? Kiran Layi da Kiran Manhaja ga Mai Kira Daga Waje

Duk ranar Juma'a bayan la'asar ƙanena yakan kira Inna daga Jidda, kuma kusan kullum gaisuwar ce ke fara lalacewa. Zai ce "Inna ina wuni?" sai ya ji shiru. Sai ya ɗauka ba ta ji ba, ya sake cewa "Inna kina ji na?" A daidai lokacin amsarta ta "lafiya lau, ya aiki?" ta iso, ta yi karo da tambayarsa. Sai su biyun su yi shiru, kowa na jiran kowa, sai kuma su sake farawa tare. Wata rana da ta ajiye wayar ta ce da ni, "Yaron nan kamar hankalinsa ba ya wurina idan muna magana." Maganar ta dame ni, domin na san hankalinsa yana wurinta. Abin da ya shiga tsakaninsu bai wuce rabin sakan ba.

Gaisuwarmu ta Hausa ba ta jure wannan rabin sakan ɗin. Ina gajiya, ba gajiya, ya iyali, lafiya lau, ya zafi, lokacinsa ne: kowace amsa tana hawa kan wutsiyar tambaya. Masu nazarin harshe sun auna tazarar da ke tsakanin ƙarshen maganar mutum da farkon amsar abokin hirarsa a harsuna da dama, suka tarar ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Idan shirun ya zarce haka, kunne yakan fassara shi da cewa mutum yana ɗari-ɗari, ko ransa a ɓace yake, ko bai ji ba. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, tana da ƙa'ida a kan wannan mai lamba G.114. Ta ce idan tafiyar murya daga baki zuwa kunne ba ta wuce milisakan 150 ba, yawancin mutane ba za su lura da komai ba, idan kuma ta haura 400 to layin bai dace da hira ba. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kiran gida daga waje yakan faɗa ne tsakanin waɗannan lambobi biyu, wani lokaci ya haura ta saman.

Nisa ba shi ne babban mai laifi ba

Abin da kowa ke fara cewa shi ne ai Saudiyya da nisa. Gaskiya ne nisa yana da nasa kaso, amma bari mu ƙirga shi. Murya tana bin zaren gilashi ne, wanda ake kira faiba, a matsayin haske, kuma haske a cikin gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Ke nan kowace kilomita dubu tana cin milisakan biyar. Daga Jidda zuwa Kano a miƙe kusan kilomita 3,400 ne. Da akwai zare miƙaƙƙe da ya ratsa Sudan da Chadi ya sauka Kano, da muryar ta iso cikin milisakan 17, ba wanda zai ji komai.

Sai dai ba haka hanyar take ba. Galibi murya tana fita daga Jidda ta wayoyin ƙarƙashin Bahar Maliya, ta ratsa Masar, ta shiga Bahar Rum zuwa Turai, inda manyan kamfanonin sadarwa suke musayar kaya a birane irin su Marseille da Landan. Daga can sai ta gangaro ta gaɓar yammacin Afirka a cikin ɗaya daga wayoyin da suka sauka Legas, irin su MainOne da Glo-1 da aka fara aiki da su a 2010, ko WACS da ACE na 2012, ko Equiano da ta iso a 2022. Daga Legas kuma a hauro da ita Arewa ta ƙasa, tafiyar kusan kilomita dubu. Idan aka haɗa, ana maganar abin da ya kai kilomita dubu goma sha biyar, wato milisakan 75. A ƙara ɗan tsayawar da take yi a na'urorin da ke kan hanya, a ce 100. Mai kira zuwa Maraɗi ko Damagaram yana da ƙarin tafiya, tunda Nijar ba ta da teku, dole sai an bi ta ƙasashen maƙwabta.

To ga shi duk wannan zagaye bai cika 150 ɗin nan ba. Sauran jinkirin yana taruwa ne a bakin hanya biyu, wato a wayar mai kira da turken sabis da ke kusa da shi, da kuma wayar mai amsawa da nata turken. A nan ne kiran layi da kiran manhaja suka rabu.

Akwai wuri ɗaya da nisa ke zama babban laifi, shi ne idan tauraron ɗan'adam ya shiga cikin hanyar. Tsofaffin taurarin sadarwa suna tsaye ne a nisan kilomita 35,786 sama da ƙasa, hawa da sauka kaɗai na cin kusan milisakan 240. Waɗanda suka yi kiran Makka a shekarun 1980 da 1990 sun san wannan shirun sarai. Har yau wasu turakun ƙauyuka masu nisa da faiba ba ta kai ba, ta tauraro ake haɗa su da sauran netwok. Idan garinku kowane kira yana da jinkiri, har na cikin gida daga Kano ko Kaduna, kuma jinkirin ba ya canzawa dare da rana, akwai alamar irin wannan turken ne gare ku. Starlink ba ya cikin wannan lissafi, domin taurarinsa suna yawo ne a kusan kilomita 550 kawai.

Kiran layi

Idan ka danna +234 ka kira da katin waya, kamfanin yana keɓe wa muryarka gurbi tun daga turke. Ko yara dubu suna kallon bidiyo a wannan turken, gurbin muryarka ba ya raguwa. A kan 2G da 3G hanya ce aka ware maka har ka gama, a kan 4G mai VoLTE kuma, wato tsarin kiran layi ta 4G, muryar ce ake ba fifiko a kan sauran data. Wannan shi ne ƙarfin kiran layi, kuma shi ya sa yake aiki da sandar sabis ɗaya a kan ƙaramar waya mai tocila.

Amma yana da nasa jinkirin. Wayar tana yanka murya gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa milisakan 20, ta matse ta, sannan ta warwatsa ta cikin sassan watsawa da dama don kada ɗan katsewar iska ya cinye kalma guda. Wannan aikin a 2G yana cin abin da ya kusa milisakan 100 a ɓangare ɗaya. Idan ɗaya ɓangaren ma haka yake, ga kusan 200, ga 100 na teku. Kiran layi mai kyau daga Jidda zuwa ƙauye yakan tsaya ne wajen milisakan 300. Ana jin sa, amma ba ya motsi. Bayan minti ɗaya bakin mutum ya saba, ya koyi ɗan dakatawa kafin ya amsa.

Inda abin ke ɓaci shi ne tsakiyar hanya. Kamfanin da ka sayi layinsa a waje ba lallai ne yana da hanya kai tsaye zuwa kamfanin layin Inna ba. Akwai dillalan mintoci a tsakani, kuma kiran yakan bi wanda ya fi araha. Kowane dillali yana iya kwance muryar ya sake matse ta da nasa salon, kuma kowane kwancewa da ɗaurewa yana ƙara jinkiri yana rage tsabtar sauti. Dalilin neman arahar kuwa shi ne, shigar da kira cikin Najeriya daga waje yana da kuɗin sauka da hukumar NCC ta ƙayyade, wanda ta mayar senti 10 na dala a kowane minti a shekarar 2022. Don haka idan ka ga wani kati yana tallar kiran Najeriya a farashin da ya yi ƙasa da haka sosai, ka tambayi kanka ta ina yake shigowa.

Sau da yawa ta ɓarauniyar hanya ce. Ana kawo kiran ta intanet zuwa wani akwati da aka cika da layukan gida, akwatin ya sake kiran lambar kamar daga cikin gari. Alamarsa a bayyane take: ɗanka yana kira daga waje amma lambar Najeriya da ba ka sani ba ce ke fitowa a wayarka. Irin wannan kiran ya haɗa lahanin hanyoyin biyu, jinkirin intanet da ƙarin turke guda. Wata alamar kuma ita ce mai kira ya ga an fara cire masa kuɗi alhali wayar tana ta ringin ba a ɗauka ba. Mun taɓa fama da wani kati irin wannan wata biyu, Inna tana ƙin ɗaukar kiran saboda baƙuwar lamba, shi kuma yana can hankalinsa a tashe.

Sai batun sauti. Kiran layi na ƙasa da ƙasa kusan kullum yana yanke murya ya bar tsakiyarta kawai, daga 300 zuwa 3,400 a ma'aunin amon sauti. Abin da ke sama da haka, inda ake bambance "s" da "f" da "sh", yakan tafi. Shi ya sa karanta lambar asusu ko sunan magani a kiran layi ke buƙatar maimaitawa, kuma shi ya sa muryar jika take fita kamar ba tasa ba.

Kiran manhaja

WhatsApp, imo, Telegram da ire-irensu ba su da gurbin da aka keɓe musu. A wurin turke, muryarka data ce kamar kowace, tana bin layi ɗaya da bidiyon maƙwabci da hotunan biki da ake saukewa. Manhajar tana yanka muryar ƙulli-ƙulli ta tura, kowane ƙulli ya kama hanyarsa. Wani zai iso cikin milisakan 150, na bayansa 180, na bayansa ya maƙale a cunkoso ya iso a 400, wani ma ya ɓace.

Da wayar mai amsawa za ta riƙa kunna kowane ƙulli da zarar ya iso, da muryar ta fita a tsittsinke. Don haka sai ta tanadi ɗan rumbu, ta riƙe ƙullin farko na ɗan lokaci har 'yan'uwansa su iso, sannan ta jera su ta kunna. Wannan rumbun shi ne sirrin kusan duk abin da mutane ke kuka da shi a kiran manhaja. Idan hanya a buɗe take, rumbun ƙarami ne, milisakan 40 ko 60 sun isa. Idan ƙullin suka fara isowa a hargitse, manhajar da kanta take faɗaɗa shi zuwa ɗari biyu, ɗari biyar, har sakan guda, domin ta gwammace ka ji magana a makare da ka ji ta a yayyage. Idan hanya ta sake buɗewa sai ta yi ƙoƙarin rage bashin, a nan ne za ka ji muryar mutum ta yi sauri kamar ana kora shi. Muryar da ke komawa kamar ta ƙarfe kuwa, wayar ce ke ƙirƙirar sauti don cike gurbin ƙullin da suka ɓace.

Ke nan jinkirin manhaja ba lamba ɗaya ba ce. Ƙanena yana kirana a Kano da safe, shi yana kan Wi-Fi, ni ina kan 4G mai ƙarfi, hira take tafiya kamar yana Fagge, kuma muryarsa tana fita cikakkiya fiye da yadda kiran layi zai taɓa kawo ta, domin manhajojin nan ba sa yanke saman murya. Wannan kiran dai, da wayoyin nan dai, idan aka yi shi da ƙarfe tara na dare lokacin da unguwa duka ta hau intanet, sai ya koma "kana ji na? kana ji na?" A ƙauyen Inna kuwa, inda wayar ke sauka daga 4G zuwa 3G har zuwa harafin E idan aka shiga ɗaki, ba ya ma tsayawa.

Abin da ya kamata mai kira daga waje ya riƙe shi ne, ƙarfin intanet ɗinsa ba ya gyara raunin na gida. Mutum yana Landan da faiba har cikin ɗaki, amma kiran zai yi daidai ne da turken da ke bayan gidan su Inna. Kuma ba yawan gudun data ne abin dubawa ba. Kiran murya bai cika cin megabait ɗaya a minti ba. Abin da yake so shi ne hanya mai natsuwa, ko da siririya ce. Wi-Fi ɗin gidan haya da mutum goma ke rabawa yana iya nuna gudu mai yawa a gwaji, amma da zarar wani ya fara tura bidiyo sai muryarka ta tsaya a bayan kayansa. A irin wannan gida, kashe Wi-Fi a koma datar layi yakan gyara kira nan take.

Akwai kuma batun ta ina manhajar ke bi. A kiran mutum biyu, WhatsApp yakan yi ƙoƙarin haɗa wayoyin kai tsaye, idan bai samu ba sai ya bi ta na'urorin kamfanin. A ƙarshen 2023 ya ƙara wani maɓalli mai suna Protect IP address in calls, a ƙarƙashin Privacy sannan Advanced. Idan aka kunna shi, kowane kira sai ya bi ta na'urorin kamfanin, kuma su da kansu sun rubuta a wurin cewa zai rage ingancin kira. Yana da amfani ga mai amsa kiran baƙi, amma don hira da iyaye ba a buƙatarsa. VPN ma haka yake, ƙarin zango ne. Wanda ke Dubai ya san an daɗe ana toshe kiran WhatsApp a can, mutane suna amfani da Botim da makamantansa masu lasisi. A Saudiyya an ɗage takunkumin kiran intanet a watan Satumba na 2017, amma ba duk manhajoji ne suka buɗe lokaci guda ba, abin da ya sa imo ya zauna da gindinsa a wurin mutanenmu na can. Wanda ya zagaya ta VPN da ke fita a wata ƙasa ta uku, ya sani ya ƙara wa muryarsa dubban kilomitoci.

Rauni na ƙarshe: duka hanyoyin biyu teku ɗaya suke bi. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabta kwana da kwanaki. A irin wannan rana data ce ke fara shaƙewa, saboda ita ce mai nauyi. Shi ya sa nake ganin bai kamata mai iyaye a gida ya zauna babu ko ɗan kuɗin kiran layi a wayarsa ba.

Tarkon da alhazai ke faɗawa

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk shekara yana cin kuɗin mutane da haƙurinsu. Alhaji ya tafi da layinsa na gida a buɗe, abin da ake kira romin. Yana Mina yana neman abokin tafiyarsa da ke tanti na uku daga nasa, shi ma da layin gida. Ya danna lambar. Kiran ba zai tsallaka tanti uku ba. Zai fita daga Saudiyya ya je Najeriya, domin kamfanin gida ne kaɗai ya san inda layin abokin yake, sannan ya sake dawowa Saudiyya. Teku sau biyu, jinkiri ninki biyu, kuma galibi dukansu biyu ake cajin kuɗi, mai kira da mai amsawa.

Datar romin ma haka take. A mafi yawan tsari, duk abin da ka tura sai ya koma ƙofar kamfaninka na gida kafin ya fita intanet. Idan gida kake kira da manhaja, wannan bai yi muni sosai ba tunda can ɗin za ka. Amma layukan tafiya da ake saya ta intanet, irin na eSIM, da yawansu ƙofarsu tana wata ƙasa dabam a Turai ko Asiya, sai muryarka ta fara zuwa can tukuna. Ga wanda zai yi sati biyu ko fiye, layin ƙasar da yake ciki ya fi masa ta kowace fuska. Lambar WhatsApp ɗinsa ta gida ba za ta canza ba don ya sa sabon layi, in dai bai zaɓi ya canza ta ba.

Yadda za ka auna da kanka

Ba sai da na'ura ba. Ku yi ƙirga ta karɓa-karɓa: kai ka ce ɗaya, shi ya ce biyu da zarar ya ji, kai ka ce uku, har zuwa ashirin, kana duba agogo daga lokacin da ka ce ɗaya zuwa lokacin da ka ji ashirin. Ka fara gwadawa da wani a ɗaki ɗaya don ka san tsawon ƙirgar ba tare da waya ba. A cikin ƙirgar waya murya ta yi tafiya sau ashirin, goma zuwa goma dawowa. Don haka ka cire lokacin ɗaki daga lokacin waya, ka raba saura gida ashirin.

Misali, a ɗaki ƙirgar ta ci sakan 12. A kiran layi ta ci 18. Bambancin sakan 6 ne, a raba ashirin, milisakan 300 ke nan. A kiran manhaja da safe ta ci 16, wato 200. Da dare ta ci 26, wato 700. Wanda ya samu irin wannan sakamako ya riga ya san abin yi: manhaja da safe, layi da dare. Ka maimaita gwajin sau biyu ko uku a kira ɗaya. Idan lambar ba ta canzawa, jinkirin na hanya ne, ko dillali ko tauraro, sai dai ka canza kamfani ko kati. Idan tana hawa tana sauka, cunkoso ne a ɗaya daga bakin hanyar, kuma canza wuri ko lokaci zai taimaka.

Idan kana jin muryarka tana dawo maka, laifin ba a wayarka yake ba. Muryarka ce ke fita ta sifikar ɗaya wayar ta sake shiga makirfonta. Jinkiri ne kawai ya sa kake jin ta a rarrabe. A gidajenmu an saba sa waya a sifika don kowa ya gaisa, to a nan amsa-kuwwar ke samo asali. A cire sifika ko a sa abin kunne mai igiya, sai ta ɗauke.

To wanne za a zaɓa?

Ni a ganina ba wayar mai kira ce ke yanke hukunci ba, wayar mai amsawa ce da turken garinsu. Idan wanda kake kira yana birni, yana da babbar waya da 4G tsayayye, manhaja ta fi: sautinta ya fi, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma a sa'a mai kyau jinkirinta ya fi na layi ƙanƙanta. Ka kashe bidiyo idan magana ce mai muhimmanci, domin hoto yana cin ninkin-ba-ninkin abin da murya ke ci, kuma shi ke fara cika hanyar da ke fita daga wayar gida. A WhatsApp akwai Use less data for calls a ƙarƙashin Storage and data, yana taimaka wa mai raunin sabis. Sai dai ka tuna cewa a kiran manhaja mai amsawa ma yana biya da datarsa, kuma dole datar ta kasance a kunne kafin kiran ya shigo.

Idan kuwa dattijuwa ce a ƙauye, ko mai ƙaramar waya, ko magana ce ta rashin lafiya ko rasuwa da ba ta son "me ka ce?", kiran layi ya fi, ko da ya fi tsada. Yana shiga ko data a kashe take, ba ta biyan ko kwabo don ta amsa, kuma jinkirinsa tsayayye ne da za a iya sabawa da shi. A nan arahar da ta wuce hankali ita ce abin gudu.

Akwai hanya ta uku da ta dace da mutane da yawa: manhajojin da ke kiran lambar waya kai tsaye, irin su Rebtel da Viber Out. Kai kana amfani da intanet ɗinka mai ƙarfi na waje, ita kuma kiran yana shigo mata a matsayin kiran layi. Ke nan an kauce wa raunin datar gida. Ingancinsu ya danganta da dillalin da suke bi, don haka ka fara da kuɗi kaɗan, ka yi ƙirgar nan, ka kuma tambaya wace lamba ce ta fito a wayar gida.

Mu abin da muka tsayar shi ne, ranar Juma'a ƙanena yana kiran Inna ta layi, minti goma, ita kuma tana fitowa tsakar gida inda sabis ya fi, ba a sa sifika sai an gama gaisuwa. Na kuma roƙe shi abu ɗaya, idan ya yi tambaya ya ƙirga ɗaya, biyu a zuciyarsa kafin ya sake magana. Doguwar hira da ganin jikoki a bidiyo kuwa an bar su sai ranar da ta shigo Kano, da safe, a wayata.